Amya, akwatin Kenya ko akwatin Langstroth: wanne mai ɗan ƙaramin fili zai fara kiwon zuma da shi?

Wanda ke da ɗan gefen gona ko bayan garka, yana son ajiye ƙudan zuma, abu uku ne a gabansa: amyar gargajiya, akwatin Kenya mai sanduna, da akwatin Langstroth mai firam. Duk ukun suna ba da zuma. Inda suka rabu shi ne kuɗin da za ka zuba tun farko, irin wahalar da kowanne yake nema, da abin da zai sami ƙudan ranar da ka ɗebi zumar. Ni dai shawarata ga mai farawa ita ce akwatin Kenya, amma akwai wanda amya ta fi masa, kuma gara a faɗi haka a fili.

Kafin a kai ga akwati, sai a duba filin. Ƙudan zuman ƙasarmu faɗa gare shi, ba irin na Turai ba ne da ake ajiyewa a bayan ɗaki. Idan aka taɓa shi yakan bi mutum da nisa, kuma ya kwana yana fushi. Saboda haka wurin ya yi nesa da gida, da hanyar mutane, da rijiya, da makarantar allo, aƙalla kamar mita 100, in ya fi haka ma ya fi kyau. Abin da ya fi haɗari shi ne dabbar da ke ɗaure a turke. Akuya ko jaki ko sa da aka ɗaure ba su da halin gudu, ƙuda na iya rufe su har su mutu, sai a wayi gari da rigima tsakanin maƙwabta. In filinka bai ba da wannan tazarar ba, babu akwatin da zai gyara lamarin. Nemi aron gefen gonar wani da ke can waje. Akwatunan kansu ba sa cin wuri, uku za su zauna a ƙarƙashin inuwar bishiya ɗaya. Abincinsu kuwa suna nemo shi ne daga kewayen kilomita biyu zuwa uku, don haka ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da darbejiyar da ke gonakin jama'a duk naka ne.

Amya kowa ya san ta. Ana saƙa ta da ciyawa, doguwa kamar ganga, a shafe ta da kashin shanu, a turara, a ɗora can saman bishiya. Wasu sukan yi da kututturen itace mai rami ko tukunyar ƙasa. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai, mai iya saƙa ma ba ya kashe ko kwabo. Kuma tana da wata falala da ba a cika faɗa ba: ƙuda ya fi saurin shigarta, domin ayarin da ke neman gida sama yake bi, kuma girman cikinta ya yi daidai da kogon da ya saba. Matsalarta ita ce ba ka ganin ciki. Saƙar tana manne da jikin amyar, ba a ɗaga ta a duba a mayar. Ranar ɗiba mutum yakan hau bishiya da dare da wutar kara, ya yanko duk abin da hannunsa ya kai, zuma da 'ya'ya da garin fure a haɗe. Ƙuda da yawa sukan ƙone, sauran su tashi, badi a sake jiran sabon ayari. Zumar da ta fito haka takan zo da ƙaurin hayaƙi da toka, ruwan 'ya'yan ya gauraya da ita, ta yi saurin tsami, mai saye a birni kuma ya karya mata farashi. Wannan ba laifin amya ba ne gaba ɗaya. Wanda ya yi wa amyarsa murfi a baya, ya yi amfani da hayaƙi maimakon wuta, ya yanki saƙar zuma ta baya kaɗai ya bar ta 'ya'ya da ke wajen ƙofa, zai sami zuma mai tsabta kuma ƙudansa su zauna.

Akwatin Kenya an daidaita shi ne a farkon shekarun 1970 saboda manoman Kenya, tare da masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada. Dogon akwati ne mai kamar kwamin shayar da dabbobi, tsawonsa kusan mita ɗaya, sama da faɗi ƙasa a tsuke. Samansa sanduna ne aka jera a manne da juna, kamar 27 zuwa 30, kowace sanda ƙuda ya rataya saƙa ɗaya a ƙarƙashinta. Karkatar da aka yi wa gefunan ce take rage manna saƙa a jikin katako, shi ya sa za ka iya ɗaga sanda da saƙarta, ka duba, ka mayar. A duk aikin kafinta, awo ɗaya ne ba ya karɓar kuskure: faɗin kowace sanda ya zama milimita 32. Wannan shi ne kaurin saƙa ɗaya haɗe da hanyar da ƙudanmu yake bari don wucewa. Idan kafinta ya yi 36 ko 40 don yana ganin duk ɗaya ne, ƙuda zai bi nasa awon, saƙa ta uku ko ta huɗu ta fara hawa kan sanda biyu, kafin ka ankara duk sandunan sun haɗe. Daga nan ka sayi amya ce da kuɗin akwati. Tsaya a kan kafinta da abin awo, ka jera sanda goma a manne, ka ga sun ba da santimita 32 daidai. Jikin akwatin kuwa ba ya bukatar ƙwalisa. Busasshen katako mai kaurin inci ɗaya ya isa, har ma akwai masu gina jikin da laka ko gora su sayi sandunan kawai, kuma ƙuda ba ya ƙi.

Akwatin Langstroth shi ne wanda ake gani a hotunan manyan gonaki. Wani Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1852. Bene ne: ɗakin ƙasa na sarauniya da 'ya'ya, ɗakin sama na zuma, a tsakani a sa raga mai hana sarauniya hawa. Kowace saƙa tana cikin firam mai kusurwa huɗu da waya. Ranar ɗiba ana kankare murfin kakin ne, a sa firam a injin da ke juyawa ya watso zumar, a mayar wa ƙuda da saƙarsa lafiya lau. A nan ribarsa take, domin gina saƙa aiki ne mai tsada a wurin ƙuda: yakan sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin ya fitar da kilo ɗaya na kaki. Wanda aka mayar masa da saƙa sai ya ci gaba da cikawa kawai. Shi ya sa a hannun gwani, a wurin da fure ya wadata, Langstroth ya fi sauran ba da zuma.

Amma duba abin da yake nema kafin ya ba ka wannan ribar. Akwatin ya ninka na Kenya kuɗi, kusan sau biyu ko fiye. Kowace kusurwarsa awo ce, tazarar da ke tsakanin firam da bango dole ta tsaya tsakanin milimita 6 zuwa 9, in ta gaza ƙuda ya like ta da danƙo, in ta wuce ya gina saƙa a ciki. Kafintan ƙauye da bai taɓa yi ba da wuya ya dace. Sai faifan kaki da ake sa wa firam, wanda sai an nemo daga birni. Sai injin tatsa, wanda shi kaɗai ya fi akwatuna da yawa tsada, kuma in babu shi sai ka matse saƙar da hannu, ribar da ka biya kuɗi dominta ta tafi. Bayan ɗiba kuma firam ɗin da aka ajiye babu ƙuda a kai, tsutsar saƙa takan cinye su cikin 'yan makonni a zafin ƙasarmu. Ga halin ƙudanmu na yin ƙaura: yunwa ko tururuwa ko yawan buɗewa ya dame shi, sai ya tashi gaba ɗaya, ya bar maka akwati mai tsada wayam. Langstroth na wanda ya riga ya iya aikin ne, ko ƙungiyar manoma da za su haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Bari mu sa lissafi a ƙasa. Farashi yana canzawa daga gari zuwa gari, daga wata zuwa wata, don haka alƙaluman nan misali ne kawai. Ka tambayi kafintanka da kasuwarku ka musanya su. Mu ƙaddara mutum yana da naira dubu 150. Akwai kayan da ba makawa ko wane gida ya zaɓa: rigar kariya mai ragar fuska da safar hannu, a ce dubu 30, gwangwanin hayaƙi, dubu 15, bokitai biyu masu murfi, ƙyallen tata, waya, kakin turare da abin ɗora akwati, dubu 15. Dubu 60 ke nan, saura 90. Idan akwatin Kenya dubu 30 ne, zai sami uku. Idan Langstroth dubu 70 ne, ɗaya zai samu, babu inji. Idan amya dubu 3 ce, goma za su ci dubu 30 kacal, ya mayar da dubu 60 aljihu.

Kada a rage kuɗin riga. Mai tsoron harbi ba ya buɗe akwati, akwatin da ba a buɗewa kuma ba shi da wani fifiko a kan amya.

Yanzu batun jira. A nan yawancin masu kiwo ba sayen ƙuda suke yi ba, tarko ake ɗanawa a jira ya shigo da kansa. Ayari ya fi yawo daga ɗaukewar damina zuwa cikin hunturu, saboda haka akwati ya kasance a wurinsa tun Satumba ko farkon Oktoba. A narka kakin zuma a zana siririn layi a tsakiyar ƙasan kowace sanda, shi ne zai nuna wa ƙuda inda zai fara gini. A goga kaki a ciki da bakin ƙofa, a murza ganyen tsauri mai ƙamshin lemo a shafa. Kada a sa zuma ko sukari, tururuwa za su riga ƙuda zuwa. A duk mako biyu a buɗe a share yanar gizo, a kori ƙadangare ko ɓera ko zanzaro da suka tare, a sabunta turaren. Wani akwatin mako biyu ya shiga, wani ya yi wata shida yana kallonka, wani ya shekara. Wannan ne dalilin da ya sa akwati ɗaya caca ne. Mai Langstroth ɗaya a lissafinmu zai iya ƙare shekara bai ga ƙuda ko ɗaya ba, mai uku kuwa da wuya duka su ƙi.

Akwai dabarar da take haɗa amfanin amya da na akwati. A ƙera ɗan ƙaramin akwati mai ɗaukar sanda biyar ko shida, masu awo ɗaya da na babban, a turara shi a ɗaure a reshen bishiya kamar mita uku daga ƙasa. Ƙuda ya fi saurin shiga can. In ya zauna ya fara gini, a sauko da shi da dare, a ɗebe sandunan da saƙarsu a jera cikin babban akwatin da aka ajiye a gindin wannan bishiyar.

Ranar da ka ga ƙuda na shiga da fita, kada ka yi gaggawar buɗewa. Tsaya daga gefe da hantsi ka kalli ƙafafunsu na baya. Idan suna dawowa da ɗan dunƙulen garin fure, rawaya ko fari ko ja, a maƙale a ƙafa, sarauniya ta fara ƙwai, akwai 'ya'ya da ake ciyarwa, sun yi niyyar zama. Bayan kamar mako biyu sai ka buɗe da yamma liƙis, da hayaƙi kaɗan mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwar masara, ka fara daga baya inda babu kowa, ka matso gaba. Abin da kake dubawa shi ne ko kowace saƙa tana bin sandarta. In ɗaya ta fara karkata, yanzu ne take da taushi, a tura ta da yatsa ta koma layi. Akwati kuma ya zauna daidai ba jirkice ba, domin ƙuda yana gini ne a miƙe zuwa ƙasa ko yaya akwatin ya kwanta. Sanda kuwa ba a kwantar da ita a gicciye lokacin dubawa: saƙar ba ta da firam, sabuwa ce, nauyinta zai karya ta ta faɗi ƙasa.

Daga ƙwai zuwa ƙuda mai aiki kusan mako uku ne. Ƙaramin ayari yana bukatar zagaye da yawa na haihuwa kafin ya yi yawan da zai tara rarar zuma, kuma a lokaci guda yana gina gida daga babu. Wanda ya shiga a Oktoba ko Nuwamba ya yi sa'a, zai tarar da furen magarya da gawo, ya ƙarfafa, sannan ya shiga babban lokacin fure na kaɗanya da mangwaro da ɗorawa daga Disamba zuwa Maris da ƙarfinsa. Irin wannan ana iya ɗibarsa tsakanin Maris da Mayu, kafin ruwa ya sauka. Wanda ya shiga a Fabrairu kuwa a ƙyale shi sai badi. A watannin nan na zafi ruwa ya zama dole. In babu rafi kusa, a ajiye kasko da tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse, a riƙa cikawa kullum. In ba haka ba za su tare a bakin rijiyar gari, mata su kasa ɗibar ruwa.

Ranar ɗiba a akwatin Kenya, zuma tana baya, 'ya'ya suna wajen ƙofa. Saƙar da za a ɗauka ita ce wadda aka rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu na ramukanta da siririn farin kaki. Wannan ita ce nunanniya, ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, za ta daɗe ba ta lalace ba. Wadda ramukanta ke buɗe tana ƙyalli ɗanya ce, in ka girgiza za ta ɗiga, in ka haɗa ta da sauran duk bokitin zai yi kumfa ya yi tsami. Murfin 'ya'ya daban yake, launin ƙasa ne mai kauri, da ka ci karo da shi ka tsaya. A share ƙuda da gashin kaza ko ganye, a yanke saƙar cikin bokiti a rufe nan take, a bar kamar faɗin yatsa a jikin sanda don su ɗora sabon gini a kai. Kuma a bar musu saƙar zuma biyu ko uku kusa da 'ya'yan. Tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin yunwa ne a wurin ƙuda duk da koren da ya rufe ƙasa, ruwa yana hana fita, furen bishiyoyi ya wuce. Mafi yawan akwatunan da ake tararwa wayam a Agusta, mai su ne ya kwashe komai a Afrilu. A gida a farfasa saƙar, a zuba kan ƙyalle mai tsabta a bakin bokiti, a rufe a ɗaki ta tsiyaye kwana biyu. Ba a ɗora ta a wuta, ba a bari ruwa ya taɓa ta. Tukar da ta rage a narka a ruwan zafi a tace, kaki ya daskare a sama. Da shi za a turara akwatunan gaba, ragowar kuma a sayar.

To me mutuminmu zai samu? A ce cikin akwatunansa uku biyu suka shiga, ɗaya kawai ya yi ƙarfin da za a taɓa. Ya yanki saƙa shida, ya tace ya sami kilo 7. Litar zuma tana da nauyin kusan kilo 1.4, lita 5 ke nan. In ana sayen lita dubu 8, ya sami dubu 40 a kan dubu 150 da ya zuba. Shekara ta biyu, in biyu suka ba shi lita 8 kowanne, dubu 128 ne, uwar kuɗi ta dawo da ɗan rara. Mai amya goma fa? A ce shida suka shiga, kowace ta ba da lita 3, lita 18, ko da an saya a dubu 5 saboda ƙaurin hayaƙi, dubu 90 ne, daidai abin da ya kashe, a shekarar farko. Wato a saurin mayar da kuɗi amya ce kan gaba. Sai dai amya goma tana son manyan bishiyoyi da yawa, da mai ƙarfin hawa cikin duhu, wanda mace ko dattijo ko mai ɗan ƙaramin fili ba su da shi, kuma in da wuta aka ɗiba, kowace shekara daga farko ake somawa.

Akwai wani abu da zai iya juya zaɓin gaba ɗaya, shi ne sata. Akwatin da ke ƙasa a gonar da babu mai leƙawa, ɓarawo yakan zo da dare ya kwashe zuma, wani lokaci ya cinna wa akwatin wuta. In yankinku haka yake, kuma ba ka da gona mai shinge ko mai gadi a kusa, amya a saman bishiya ta fi kwanciyar hankali, asararta ma ba ta da ciwo. In kuwa wurin yana da tsaro, ka ajiye akwatin Kenya a tsayin ƙugu, ko dai a rataye da waya tsakanin turaku biyu a shafa wa wayar giris, ko a kan ƙafafun ƙarfe da aka tsoma cikin gwangwanaye masu baƙin mai, saboda tururuwa da kwarkwasa da gara. A share ciyawar kewaye tun Oktoba kafin a fara ƙonar daji. Maƙwabcin da ke feshin wake ko mangwaro kuma a roƙe shi ya yi da yamma bayan ƙuda ya koma gida, kada ya fesa a kan buɗaɗɗen fure da hantsi.

Mai dubu 150 da fili mai tsaro ya yi akwatin Kenya uku, ya ƙara ɗan akwatin tarko ɗaya in kuɗi ya kai. Wanda abin hannunsa bai kai rabin haka ba ya sayi riga da gwangwanin hayaƙi tukuna, ya ɗora amya mai murfin baya huɗu ko biyar, kuɗin zumar farko ya kai wa kafinta. Langstroth kuma ya jira har akwatuna su kai goma ko fiye, a sami mai sayen zuma da yawa a kai a kai, a kuma san inda injin tatsa zai fito.